Yadda Ake Tsara Gaisuwar Sallah a Sitatus Ta Fito Daga Bakinka Kuma Ta Dace da Kowa

Gaisuwar Sallah da ake ɗorawa a sitatus na WhatsApp ta sha bamban da wadda ake tura wa mutum shi kaɗai. Idan ka tura wa yayanka saƙo, ka san wanda kake magana da shi, ka san halin da yake ciki, ka kuma san irin wasan da zai ɗauka. Sitatus kuwa yana buɗe har tsawon awa 24 ga duk wanda ka adana lambarsa shi ma ya adana taka, sai fa wanda ka cire da hannunka. Ga mazaunin Jos, wannan yana nufin cewa surukinsa da ke Gangare, da abokin cinikinsa Birom da ke Bukuru, da malaminsa na Islamiyya, da yaron shagonsa, da matar da ta rasa mijinta watanni biyu da suka wuce, duk za su karanta kalmomi iri ɗaya, kowannensu shi kaɗai da wayarsa a hannu. Sitatus kamar magana ce a ƙofar gida: kai ne mai gidan kuma muryarka ce, amma duk mai wucewa yana ji.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gaisuwa tana zama ta musamman ne idan an ambaci sunan wani a ciki, tana kuma dacewa da kowa ne idan an cire mata duk wani abu na ƙashin kai. Ina ganin akasin haka ne daidai. Abin da ke sa gaisuwar sitatus ta zama taka shi ne abin da ka faɗa game da kanka da Sallarka ta bana, ba sunan wanda ka ware ba. Abin da ke sa ta dace da kowa kuma shi ne ka auna ta da mutumin da ya fi nisa da kai da wanda ya fi kowa rauni a wannan rana. Matakan da ke tafe duk a kan wannan suka ginu, kuma za mu bi su da misali guda daga farko har ƙarshe: a ɗauka kai tela ne mai shago a wajajen Taminus, Babbar Sallah ta zo, kana son ka ɗora gaisuwa.

Fara da duba waɗanda za su gani

Kafin ka rubuta ko da harafi ɗaya, ka buɗe jerin lambobin da ke wayarka ka bi su a hankali. Ba ƙidaya ake so ba, fuskoki ake so ka tuna. Daga cikinsu ka zaɓi mutum huɗu waɗanda za su zama ma'auninka. Na farko shi ne wanda ka fi jin nauyinsa, kamar suruki ko malami. Na biyu shi ne wanda ba ya yin wannan Sallar, wato maƙwabci ko abokin ciniki Kirista. Na uku shi ne wanda Sallar ta same shi cikin baƙin ciki ko rashi, ko dai an yi masa mutuwa, ko yana jinya, ko bana bai samu halin yin layya ba. Na huɗu shi ne wanda akwai 'yar tsama tsakaninku, kamar mai kayan da ba ka gama ɗinka masa ba, ko wanda kake bi bashi.

Dalilin zaɓen waɗannan huɗu shi ne cewa abokanka na kusa za su karɓi duk abin da ka rubuta da kyakkyawar fahimta, don haka ba su ne za su nuna maka inda gaisuwar ta karkace ba. Idan jimla ta wuce a gaban surukinka ba tare da ka ji kunya ba, ta wuce a gaban Kirista ba tare da ya ji an rufe masa ƙofa ba, ta wuce a gaban mai takaba ba tare da ta fama mata ciwo ba, ta kuma wuce a gaban mai jin haushinka ba tare da ya ɗauka habaici ba ne, to sauran ɗaruruwan ba za su sami abin tuntuɓe a cikinta ba.

Rubuta daftari a wani wuri, sannan ka tankaɗe shi

Kada ka rubuta kai tsaye a cikin akwatin sitatus, domin da zarar ka ɗora babu damar gyara, sai dai ka goge ka sake, alhali wasu sun riga sun gani. Ka rubuta a manhajar ajiye rubutu ta wayarka, ko ka tura wa kanka saƙo. Ka bar abin da ya fara zuwa bakinka ya fito yadda ya zo. Ga irin abin da telanmu zai iya fara rubutawa a daren jajibiri, yana gajiye, yana kuma cike da murna:

"Barka da Sallah ga dukkan Musulmi na gaskiya. Alhamdu lillahi bana ma mun kayar da namu, Allah ya ba marasa shi. Gaisuwa ta musamman ga manyan kwastomomina. Masu baƙin ciki sai haƙuri. Waɗanda muke bi a tuna da mu."

Babu jimla ɗaya a nan da aka rubuta da mugun nufi, amma ka kai ta gaban mutanen nan huɗu ka gani. "Musulmi na gaskiya" ta raba masu karatu gida biyu tun a layin farko. Kirista ya san ba da shi ake ba, wannan ba laifi ba ne a ranar Sallah, amma kalmar "na gaskiya" ta sa har Musulmin da ke bin wata ɗariƙa ko wata ƙungiya daban da taka zai tsaya yana tambayar kansa ko shi ne na ƙaryar. A gari irin Jos, inda ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suke cin kasuwa ɗaya, suke kuma auratayya, wannan kalma ɗaya ta isa ta ɓata gaisuwar gaba ɗaya.

"Mun kayar da namu, Allah ya ba marasa shi" tana da siffar addu'a, amma magidancin da ya kasa sayen rago, ko ya shiga watanda da ƙyar don yara su ga nama, zai ji ta a matsayin gori. Addu'ar da ta sa kai a sama, mai karatu a ƙasa, ba ta sanyaya zuciya. "Manyan kwastomomi" kuma tana gaya wa duk wanda ya kawo yadi huɗu kawai cewa shi ƙarami ne. "Masu baƙin ciki sai haƙuri" habaici ne, kuma illar habaici a sitatus ita ce wanda ka nufa da shi sau da yawa ba ya ma buɗewa, sai mutum goma da ba ka nufa ba kowannensu ya ɗauka da shi kake. Batun bashi kuwa haƙƙinka ne, sai dai wurinsa saƙo ne na kai tsaye bayan Sallah, ba gaisuwar da surukinka zai karanta ba.

Idan aka cire duk waɗannan, abin da ya rage shi ne "Barka da Sallah" kaɗai. A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, su nemo hoton rago da jinjirin wata da wani ya turo musu su ɗora. Wannan ba ya ɓata wa kowa rai, amma kuma ba ya isa zuciyar kowa, domin mai karatu ya riga ya ga irinsa sau ashirin kafin ya iso naka. Aikin da ya rage shi ne sake ginawa.

Gina ta hawa uku

Hawa na farko shi ne barkar kanta, kuma a bar ta yadda kowa ya san ta. "Barka da Sallah" ta wadatar, ba ta buƙatar a ce ga wane da wane. Rashin ambaton waɗanda ake yi wa barkar shi ne ke buɗe ta ga kowa, har maƙwabcinka Kirista ya iya amsawa da "Allah ya maimaita mana" ba tare da ya ji ya yi kutse ba. Wanda yake son ƙara lafazin da aka ruwaito cewa sahabbai suna faɗa wa juna ranar idi, wato "Taƙabbalallahu minna wa minkum", yana iya ƙarawa, amma ya biyo shi da ma'anarsa da Hausa, "Allah ya karɓa mana, ya karɓa muku", domin ba kowane mai karatu ne yake jin Larabci ba. A kula kuma da bambancin Sallolin biyu: "barka da shan ruwa" ta azumi ce da Ƙaramar Sallah, ba ta da gurbi a Babbar Sallah, kamar yadda maganar layya da alhazai ba ta da gurbi a Ƙarama.

Hawa na biyu shi ne wanda ya fi wuya, kuma shi ne ran gaisuwar: jimla ɗaya ko biyu da babu wanda zai iya rubuta su sai kai. Hanyar samo ta ita ce ka tambayi kanka abin da ya bambanta Sallar bana da ta bara a wurinka, ko abin da idonka ya gani a makon nan. Tela ya san abin da ya gani. Ya ga makonni na ɗinki har tsakar dare, ya ga wuta tana ɗaukewa ana komawa kan janareta, ya ga tarin shadda da leshi a kan benci, ya ga masu kaya suna zarya, wasu da fara'a wasu da ɓacin rai. Daga nan jimlarsa za ta fito:

"Bayan makonnin da muka yi muna kwana a kan keken ɗinki, yau shago a rufe yake. Na gode wa duk wanda ya yi haƙuri da mu."

Ka lura da abin da jimlolin nan biyu suka yi. Sun nuna mutum na gaske da aikinsa na gaske, ta yadda ko ba a ga suna ba za a gane mai magana. Ba su ɗaga shi sama da kowa ba, domin gajiya ce ya ambata, ba samu ba. Godiyar kuma ta haɗa wanda ya karɓi kayansa a kan lokaci da wanda aka saɓa masa alkawari, har wannan na biyun zai ji cewa an san an ɓata masa. Ma'aikaciyar jinya da za ta yi Sallah a bakin aiki tana da irin wannan jimla, haka ɗalibin Jami'ar Jos da bai samu zuwa gida ba, haka ma'aikacin da ke Abuja wanda zai yi Sallar farko nesa da iyayensa. Ƙa'idar ita ce a zaɓi abin da mai karatu zai iya tarayya da kai a cikinsa, kamar gajiya, kewa, godiya ko samun sauƙi bayan rashin lafiya, a guji abin da zai sa ya auna kansa da kai, kamar girman rago, sabuwar mota ko kujerar Makka.

Akwai abu biyu da ba sa shiga wannan hawa ko da gaskiya ne. Na ɗaya shi ne labarin wani, misali rashin lafiyar mahaifiyarka ko cikin da matarka take ɗauke da shi, sai da izininsu, domin sirrinsu ne ba naka ba. Na biyu shi ne sanar da cewa kun yi tafiya gaba ɗaya. "Mun tafi Kano yin Sallah da iyali" jimla ce mai daɗi, amma tana gaya wa duk wanda ya taɓa karɓar lambarka cewa gida da shago babu kowa. Idan kana son ambaton tafiyar, ka bari sai ka dawo.

Hawa na uku shi ne addu'a, kuma a nan ne ake shigar da kowa. Ka tsara ta daga ciki zuwa waje: ka fara da abin da ya shafi masu ibadar, ka wuce zuwa ga masu rauni, ka ƙare da abin da duk mazaunin gari yake buƙata. Telanmu zai ce:

"Allah ya karɓi ibadarmu, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da garinmu lafiya."

Gaɓar farko ta Musulmi ce, kuma babu dalilin ɓoye ta ko sassauta ta, domin Sallah ibada ce, kuma Kiristan Jos ya san haka sarai, ba ya jiran ka mayar da ita bikin da ba shi da addini. Gaɓa ta biyu ita ce wadda mai takaba za ta tsaya a kanta, ta ji cewa ba a manta da wanda babu shi a gidan bana ba. Gaɓar ƙarshe kuwa ta kowa ce. Hausar da ake wa'azi da ita a masallatan Jos ita ce ake waƙa da ita a majami'u da yawa na Filato, kuma dukkan ɓangarorin biyu da sunan Allah suke roƙo, saboda haka "Allah ya zaunar da garinmu lafiya" addu'a ce da kowa zai ce mata amin da zuciya ɗaya. Wanda ya ga abin da garin nan ya shiga a 2001 da 2008 da 2010 ya san nauyin wannan roƙo, kuma saboda wannan nauyin ne nake ganin bai kamata a ƙara masa komai ba. Da zarar ka ce "Allah ya tona asirin azzalumai" ko "Allah ya isar mana", kowane mai karatu zai cike gurbin da sunan waɗanda yake zargi, gaisuwar Sallah ta koma sanarwar ɓangare.

Ka lura kuma cewa addu'ar da "mu" aka yi ta, ba da "ku" ba. "Allah ya karɓi ibadarku" tana sa ka tsaya a gefe kamar mai yi wa jama'a huɗuba, kuma daga bakin yaro zuwa kunnen dattijo tana da ɗan nauyi. "Ibadarmu" ta sa ka cikin sahu. Inda dole sai ka fuskanci masu karatu, ka yi amfani da "ku" na jam'i, kada ka ce "kai" ko "ke", domin jam'in ya haɗa maza da mata, ya kuma ɗauki girmamawar da ta dace da manya.

Idan aka haɗa hawa ukun, ga abin da ya fito:

"Barka da Sallah. Bayan makonnin da muka yi muna kwana a kan keken ɗinki, yau shago a rufe yake. Na gode wa duk wanda ya yi haƙuri da mu. Allah ya karɓi ibadarmu, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da garinmu lafiya."

Mai son jama'a zai ji sha'awar ƙara "ƙofa a buɗe take, a zo a ci nama". Al'ada ce mai kyau, kuma kai wa maƙwabta nama, Musulmi da Kirista, abu ne da aka sani a unguwannin Jos. Sai dai gayyata a sitatus alkawari ne ga ɗaruruwan mutane, kuma wanda ya ɗauke ta da gaske ya zo ya tarar ba ka nan, ko nama ya ƙare, zai fi jin zafi a kan wanda ba a gayyata ba. Gayyata ta fi kyau a baki ko a saƙon kai tsaye.

Kiristan da ke son yi wa maƙwabtansa Musulmi barka zai bi wannan tsari da gyara ɗaya: shi ya dace ya ambaci waɗanda yake yi wa, ya ce "Barka da Sallah ga maƙwabta da abokan arziki Musulmi", ya kawo jimlarsa ta kansa, misali shekarun da ya yi yana cin naman Sallah a unguwar, sannan ya rufe da addu'ar zaman lafiya. Ba ya buƙatar aro lafazin Larabci don a ga ya kyauta.

Tsawo, rubutu da kamanni

WhatsApp yana barin rubutun sitatus ya kai harafi 700, amma kada ka kusanci wannan iyaka. Gwargwadon yadda rubutu ya yi tsawo, gwargwadon yadda haruffan suke ƙanƙancewa a allo, kuma sitatus yana wucewa da kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi sai idan mai karatu ya danne allon da yatsa, abin da yawancin mutane ba sa yi ranar Sallah. Gaisuwar telanmu kimanin kalma 50 ce, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake ba da shawara a tsaya a kai. Idan taka ta wuce haka, ka rage daga addu'ar, ka bar jimlarka ta kanka, domin gaɓoɓi uku ko huɗu na addu'a sun isa.

Ka rubuta kalmomi cikakku. Taƙaice-taƙaicen da matasa suke yi a hira, irin su rubuta sallama da haruffa uku ko sa wani harafi a madadin "z", dattijo ba ya gane su, wanda ya gane kuma yakan ɗauke su rashin ladabi a wurin addu'a. Ka sa haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin rashinsu yana canja ma'ana: "baƙi" da "baki" ba ɗaya ba ne, kuma "ji ƙan" idan aka haɗe ta babu ƙugiya sai ta koma "jikan". Allon rubutu na Gboard yana da Hausa a cikin harsunansa, kana iya ƙara ta daga saitinsa. Bayan ka liƙa rubutun a akwatin sitatus, idan ka canja salon haruffa ka duba da kyau ko masu ƙugiyar sun fito daidai da sauran, in ba su fito ba ka koma salon farko. Ka zaɓi launin bango mai duhu wanda farin rubutu zai fito a kansa sosai, ka kuma taƙaita 'yan hotunan nan na fuska da zuciya zuwa ɗaya ko ka bar su gaba ɗaya.

Idan za ka haɗa da hoto, naka ya fi na aro. Hoton shagon a rufe, ko keken ɗinki an lulluɓe shi da ƙyalle, ya fi dacewa da kalmomin telanmu a kan kowane kati da aka zana. Hoton yanka da jini ba kowa ne yake jure ganinsa ba, musamman da yake sitatus yana buɗewa ne ba tare da gargaɗi ba. Hoton mata da yara kuma sai da yardarsu da ta mai gidan. Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da katin da aka turo masa, ya karanta duk abin da ke jikinsa, domin sau da yawa akwai shekarar Hijira ta bara, ko sunan wani kamfani, ko hoton ɗan siyasa a kusurwa.

Lokacin ɗorawa da saitin masu gani

Babbar Sallah tana faɗowa ranar 10 ga Zulhajji, kuma ana sanin ranar tun farkon watan, don haka akwai isasshen lokacin shiri. Ƙaramar Sallah ce mai tarko, domin sai bayan faɗuwar rana a ranar 29 ga Ramadan ake sanin ko an ga wata. Ka shirya gaisuwarka ka ajiye, kada ka ɗora sai sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar. Wanda ya yi gaggawa saboda jita-jita yakan wayi gari yana barka da Sallah alhali jama'a suna azumi. Idan kana da 'yan'uwa a wata ƙasa, ka tuna ranar tana iya bambanta, kamar yadda aka yi a 2024 lokacin da Nijar ta yi Ƙaramar Sallah ranar 9 ga Afrilu, Najeriya kuma ranar 10. Wannan dalili ne na barin kwanan wata a waje, da kuma guje wa duk wata magana a kan waɗanda suka riga ko suka jinkirta.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an sauko daga idi, sa'ad da mutane suka zauna suka ɗauki wayoyinsu. Tun da awa 24 ake ƙirgawa daga lokacin da ka ɗora, gaisuwar da aka sa da hantsi za ta kai har hantsin washegari, ta riski masu duba waya da dare da masu dubawa da asuba. Ka ɗora ta ita kaɗai, ko ka sa ta zama ta farko, domin idan ka binne ta a ƙarƙashin hotuna goma sha biyar, kaɗan ne za su kai gare ta.

Kafin ka danna turawa, ka shiga Settings, sannan Privacy, sannan Status. Za ka ga zaɓi uku: My contacts, wanda ke nuna wa duk lambobinka, da My contacts except..., wanda ke ba ka damar cire wasu, da Only share with..., wanda ke nuna wa waɗanda ka zaɓa kaɗai. Gaisuwar da aka tsara yadda muka bi ba ta buƙatar a ɓoye wa kowa, don haka zaɓin farko ne nata. In ka ji kana son cire wani kafin ka ɗora, wannan alama ce cewa akwai jimlar da ba ta wuce gwajin mutum huɗu ba, kuma gyara jimlar ya fi cire mutumin. Zaɓi na uku yana da amfani ga sitatus na biyu, wanda ke ɗauke da hotunan iyali da wasan da 'yan gida kaɗai za su gane. Sai dai ka riƙe abu uku: canjin saiti ba ya shafar abin da ka riga ka ɗora, saitin yana zama yadda ka bar shi har sai ka mayar da shi, kuma duk wanda ya gani yana iya ɗaukar hoton allon ya tura wa wanda ka cire.

Bayan ka ɗora

Amsoshin farko su ne za su gaya maka ko gaisuwar ta yi. Idan mutane suna amsawa da "amin" suna kuma taɓo jimlarka ta kanka, wani ya ce "sannu da aiki, Allah ya huta gajiya", to ta isa inda aka aike ta. Idan wani ya tambaye ka "da wa kake?", ko ya fara kare kansa, ko ya jawo muhawara, akwai kalmar da ta yi kama da habaici, kuma abin yi shi ne ka goge nan take, ka gyara, ka sake ɗorawa, sannan ka kira wanda ya ji zafin ka yi masa bayani. Kada ka auna komai da jerin waɗanda suka gani, domin wanda ya kashe Read receipts, wato alamar an karanta saƙo, a wayarsa zai iya karantawa sunansa bai fito ba, kuma shirun mutum ranar Sallah yawanci hidima ce ta riƙe shi.

Duk amsar da aka yi wa sitatus tana zuwa maka ne a matsayin saƙo tsakaninka da mai ita, kuma a nan ne sunaye da kalmomin zumunta da ka hana kanka a fili suke samun wurinsu. Surukinka, da iyayenka, da malaminka ba a gaishe su da sitatus ko da sun gani sun amsa: ka je da ƙafarka, in nisa ya hana ka kira, ka ce "Baba, barka da Sallah, an yi Sallah lafiya?" Ga abokin cinikinka Kirista da ya ce "Allah ya maimaita mana", ka amsa da sunansa, ka tambayi iyalinsa, in da hali ka aika yaro da nama. Ga mai takaba kada ka tura hoton biki, ka ce "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Alhaji, ya raya abin da ya bari." Ga wanda kayansa suka makara kuwa, ka ba shi haƙuri da sunansa, ka faɗa masa ranar da za ka buɗe shago da ranar da zai zo ya karɓa.